Takardar lamunin banki da farashin canji na ranar biya: lissafin wani odar shinkafa daga Matameye

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayanin yadda takardar lamunin banki take aiki, da dalilin da ya sa abin da mai shigo da kaya yake biya a ƙarshe yakan saɓa wa abin da ya lissafta ranar da ya sa hannu. Takardar tana ƙayyade adadin kuɗin waje da ranar biyansu, amma ba ta faɗin sefa nawa za a ciro daga asusun ɗan kasuwa. Farashin da banki ya sayar da kuɗin waje ranar biya shi ne yake yanke wannan. Mun bi misali guda daki-daki da farashin canji na shekarar 2022, sannan muka gwada shi da abin da ya faru a Janairun 1994.

1. Kalmomin aiki

Kafin mu shiga lissafi, akwai kalmomi uku da ya kamata mu daidaita a kansu.

Ta farko ita ce sunan takardar kanta. Ma'aikatan banki da ƴan kasuwar da suka saba da Faransanci sukan ce kiredok. Wanda ya fassara sunan kalma da kalma zai ce wasiƙar bashi, kuma wannan fassara tana ɓatar da mai karatu, domin a ranar buɗe takardar banki bai ba kowa ko tamma ba. Abin da ya yi shi ne tsayawa: ya ɗauki alkawarin zai biya mai sayarwa in an cika wasu sharuɗɗa. Hausa tana da kalmar wannan tsayawa tun kafin zuwan banki, wato lamuni. Saboda haka muka zaɓi takardar lamunin banki.

Ta biyu ita ce dala. A Matameye, kamar ko'ina cikin Nijar, dala tamma biyar ce: dala ɗari ita ce sefa 500, jika kuma sefa 1.000. Don kada a rikita wannan da kuɗin Amurka, za mu rubuta dolar in muna nufin kuɗin Amurka. Duk inda muka ce sefa, tamma ɗaya muke nufi, kamar yadda ake rubutawa a takardun banki.

Ta uku ita ce farashin canji, wato sefa nawa ake bayarwa a karɓi dolar ɗaya ko yuro ɗaya. Banki yana da farashi biyu a rana guda: wanda yake saye da shi da wanda yake sayarwa da shi. Mai shigo da kaya kullum a gefen mai tsada yake, tun da shi ne mai neman kuɗin waje.

2. Yadda takardar take aiki

Matameye ita ce cibiyar gundumar Kance a jahar Zinder, kuma hanyar da ta ratsa ta tana kaiwa iyakar Nijeriya ta Ɗan Barto, wajen Daura. A irin wannan wuri yawancin ciniki na tsallaken iyaka hannu da hannu ake yi, ko bisa amana tsakanin mutanen da suka san juna, ɗan canji kuma yana nan kusa. Amma in ɗan kasuwa ya girma har ya fara odar kaya daga Tailan ko Sin, amanar sani ba ta kai can. Mai sayarwa ba zai loda kaya ba sai ya tabbata za a biya shi, mai saye kuma ba zai tura kuɗi ba sai ya tabbata an loda. Bankuna biyu ne suke shiga tsakani su warware wannan.

Matakan su ne kamar haka. Mai saye da mai sayarwa suna shirya ciniki: irin kaya, yawansu, farashi, kuɗin da za a biya da su, da lokacin biya. Mai saye ya kai takardar farashi reshen bankinsa a Zinder, galibi kuma reshen ya tura ta sashen hulɗa da waje da ke Yamai. A ƙarƙashin tsohuwar dokar UEMOA ta 2010 kan hulɗar kuɗi da ƙasashen waje, lokacin da take aiki, duk kayan da aka shigo da su daga wajen yankin da darajarsu ta wuce sefa miliyan 10 sai an buɗe musu fayil a banki amintacce. Banki ya duba ƙarfin mai saye, ya riƙe wani kaso na kuɗin a matsayin ajiya, sannan ya aika saƙo ga wani banki a ƙasar mai sayarwa ta hanyar SWIFT, cikin tsarin da ake kira MT700. Mai sayarwa ya loda kaya, ya karɓi takardar lodi daga kamfanin jirgi, ya haɗa ta da takardar farashi da sauran shaidun da aka nema, ya miƙa wa bankin ƙasarsa. In takardun sun dace da sharuɗɗa, biya ya wajaba.

Ƙa'idojin da bankunan duniya suke bi a nan na Majalisar Ciniki ta Duniya ne mai mazauni a Paris. An fara fitar da su a 1933, bugun da ake kira UCP 600 kuma ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007. Abu uku daga cikinsu sun shafi zancenmu. Na ɗaya, takardar ba ta sokuwa da ra'ayin mai saye shi kaɗai. Na biyu, banki da takardu yake hulɗa, ba ya duba buhu ko kwantena. Na uku, banki yana da kwanakin aiki biyar kacal bayan ranar karɓar takardu ya ce ya amince ko ya ƙi. Ma'anar waɗannan a haɗe ita ce, da zarar an buɗe takardar kuma mai sayarwa ya kawo takardu masu kyau, mai saye ba shi da ƙofar fita, ko da farashin canji ya juya masa baya.

Biyan kansa iri biyu ne. Akwai biyan nan take, da zarar an amince da takardu. Akwai kuma biyan ajali, misali kwana 90 ko 180 daga ranar da ke kan takardar lodi. Ƴan kasuwa sun fi son na biyu, domin yana ba su damar sayar da kaya kafin su biya. Sashe na 4 zai nuna abin da wannan jinkiri yake iya jawowa.

3. Daga ina farashin ranar biya yake fitowa?

Tun ranar 1 ga Janairu 1999 sefa take ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye: yuro ɗaya, sefa 655,957. Wannan lamba ta samo asali ne daga tsohon ɗauri da faran na Faransa, lokacin da faran ɗaya yake sefa 100, yuro ɗaya kuma ya zama faran 6,55957. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin cewa sefa ba ta motsi. Gaskiyar ita ce ba ta motsi a gaban yuro kawai. A gaban dolar, duk inda yuro ya nufa, can sefa take bi, ko sama ko ƙasa. Lissafin shi ne:

```
USD/XOF = 655,957 ÷ EUR/USD
```

Wato a raba 655,957 da adadin dolar da yuro ɗaya yake saye a wannan rana. In yuro ɗaya yana sayen dolar 1,13, dolar ɗaya ta zama kimanin sefa 580. In yuro ya yi rauni har ya koma dolar 0,96, dolar ɗaya ta zama kimanin sefa 683. Tarihi ya nuna faɗin wannan lilo: a Oktoban 2000 dolar ta kusa sefa 800, a Yulin 2008 kuma ta sauko wajen sefa 410. Babu abin da ya canza a ɗaurin sefa da yuro tsakanin waɗannan shekaru.

Abin da wannan lissafi yake bayarwa farashin tsakiya ne, na kasuwar manyan bankuna. Ɗan kasuwa ba ya samun sa. Banki yana ɗora ribarsa a kai kafin ya sayar, kuma girman wannan ƙari ya danganta da banki, da girman cinikin, da ƙarfin mai ciniki wajen tayi. Saboda haka farashin ranar biya hawa biyu ne: motsin yuro da dolar, wanda ba mai iko da shi a Zinder ko a Yamai, da ƙarin banki, wanda ana iya zama a yi ciniki a kansa.

4. Misali: tan 400 na shinkafa

Ɗan kasuwar da ke cikin wannan misali da farashin kayansa na lissafi ne, mun tsara su don bayani. Farashin yuro da dolar kuwa na ainihi ne na 2022, an dunƙule su. Ƙarin banki mun ɗauke shi kashi 1 cikin ɗari.

Wani Alhaji a Matameye ya yi odar shinkafa tan 400 daga Tailan, buhu 8.000 masu kilo 50, a kan dolar 500 kowane tan har tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Jimla dolar 200.000. An buɗe takardar a tsakiyar Fabrairun 2022, biya kwana 180 daga ranar lodi. Layukan saƙon da suka shafe mu su ne:

```
:32B:USD200000,
:42P:180 DAYS AFTER B/L DATE
:44C:220331
```

Layi na farko ya faɗi irin kuɗi da adadinsu, na biyu ya faɗi ajalin biya, na uku kuma ranar ƙarshe ta lodi, 31 ga Maris 2022. Mai karatu ya lura cewa babu inda aka ambaci sefa.

A ranar buɗewa yuro yana wajen dolar 1,13. Farashin tsakiya sefa 580 ne, na banki kuma 586. Alhaji ya buga lissafi: dolar 200.000 sau 586, sefa 117.200.000, wato buhu ɗaya ya tsaya masa 14.650 a Kwatano. Ya ƙara kuɗin tasha, da na mota daga Kwatano ta Gaya da Dosso da Maraɗi har Matameye, da kuɗin duwan, ya tsayar da farashin sari wanda zai bar masa ribar sefa 1.500 a kowane buhu, miliyan 12 ke nan gaba ɗaya. Banki ya riƙe ajiyar kashi 30 cikin ɗari, sefa 35.160.000. A zuciyar Alhaji, saura 82.040.000.

An yi lodi ranar 30 ga Maris. Kwana 180 daga nan ya faɗo ranar Litinin 26 ga Satumba 2022. Tsakanin waɗannan ranaku yaƙin Ukraniya, wanda ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu, ya tada farashin makamashi a Turai, babban bankin Amurka kuma ya riƙa ƙara kuɗin ruwa tun daga Maris, da sauri fiye da na Turai. Masu kuɗi suka karkata ga dolar. A Yuli yuro ya sauko daidai da dolar, abin da ba a gani ba tun 2002, a ƙarshen Satumba kuma ya kai wajen 0,96. Ga yadda lissafin ya kasance a ranaku uku:

| Rana | Yuro a dolar | Farashin banki | Jimla a sefa | Buhu ɗaya |
|---|---|---|---|---|
| Buɗewa, tsakiyar Fabrairu | 1,13 | 586 | 117.200.000 | 14.650 |
| Da biyan nan take ne, tsakiyar Afrilu | 1,08 | 613 | 122.600.000 | 15.325 |
| Ranar ajali, 26 ga Satumba | 0,96 | 690 | 138.000.000 | 17.250 |

Mai sayarwa a Tailan ya karɓi dolar 200.000 cif, bai samu ƙarin ko sisi ba. Amma daga asusun Alhaji sefa 138.000.000 suka fita, ƙarin 20.800.000 a kan lissafinsa, kusan kashi 18 cikin ɗari. Kowane buhu ya ƙara sefa 2.600. Ribar miliyan 12 ta tafi, ga faɗuwar miliyan 8 da dubu 800 a bayanta. Abin da ya fi ciwo shi ne lokaci: shinkafar ta iso tun wajen Yuni, an sayar da ita ga ƴan sari a kan tsohon lissafi, wasu ma bashi. Ranar da farashin gaskiya na kayan ya bayyana, babu sauran buhu a sito da za a ɗora wa ƙarin.

Daga wannan misali ana iya ciro ma'auni mai sauƙi wanda ɗan kasuwa zai riƙe a ka. Tun da bashin dolar 200.000 ne, duk sefa ɗaya da dolar ta ƙara, sefa 200.000 ce ta fita daga ribarsa, wato sefa 25 a kowane buhu. Ribar miliyan 12 tana iya shanye ƙarin sefa 60 kawai. Ke nan iyakarsa ita ce 586 da 60, wato 646. A farkon Yuli farashin banki ya tsallake wannan iyaka. Wanda ya san lambar iyakarsa tun Fabrairu zai gane ranar da ya fara cin uwar kuɗi, ya nemi banki tun saura wata biyu da rabi. Wanda bai san ta ba sai ranar da takardar cire kuɗi ta zo masa.

Wajibi ne a faɗi cewa lilon yana zuwa ta ɗaya gefen. Wanda ya buɗe irin wannan takarda a ƙarshen Satumban 2022 ya biya a ƙarshen Janairun 2023, lokacin da yuro ya koma wajen dolar 1,09, ya sayi dolar a kusan sefa 608 da ƙarin banki, ya tsinci ribar da bai yi wa aiki ba. Duk wanda ya bar bashin dolar a buɗe, ciniki biyu yake yi a lokaci guda, na shinkafa da na canji, ko ya sani ko bai sani ba.

5. Wurare uku da lissafi yake zamewa

5.1. Ajiya. Alhaji ya ɗauka ajiyarsa ta biya kashi 30 na bashin. Amma sefa ya ajiye, bashin kuwa na dolar ne. A farashin 586 ajiyar tana sayen dolar 60.000, a farashin 690 ba ta kai 51.000 ba. Shi ya sa cikon da aka nema a hannunsa ya zama 102.840.000 maimakon 82.040.000. Da an sayi dolar da wannan ajiya tun ranar farko, da cikon dolar 140.000 ne kawai zai bi farashin Satumba, jimlar biya ta tsaya 131.760.000, ya tsira da sefa 6.240.000. Tambayar da ya kamata a yi wa banki ranar sa hannu ita ce: wannan ajiya jingina ce kawai, ko an riga an canza ta? Amsar tana cikin takardar yarjejeniya, kuma a rubuce ya kamata a gan ta.

5.2. La'adar banki da kuɗin duwan. Banki yana karɓar la'adar buɗewa, da ta ajali, da ta tura kuɗi, in kuma mai sayarwa ya nemi bankin ƙasarsa ya ƙara nasa lamunin, akwai la'adar wannan ma. Yawancinsu kaso ne na adadin takardar. Duk wadda aka lissafta ranar biya, da farashin ranar take tafiya: la'adar kashi 1 cikin ɗari da aka zata 1.172.000 ta zama 1.380.000. Duwan ita ma tana mai da darajar kaya zuwa sefa da farashin lokacin da aka shigar da takardar fito, wanda rana ce ta uku dabam da ta buɗewa da ta biya. Oda guda tana iya haɗuwa da farashin canji uku.

5.3. Ranar biya. Ajali daga ranar lodi ake ƙirga shi, isowar kaya ba ta cikin lissafin banki. An ga nauyin wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi ranar 30 ga Yuli, aka rufe iyakoki, kaya suka maƙale a Kwatano da kan hanyar Malanbil wata da watanni, har masu shigo da kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Kayan da aka riga aka loda kafin rufewar, takardunsu lafiya lau suke, ajalinsu kuma bai daina ƙirguwa ba don mota ta tsaya. In ajali ya cika babu kuɗi a asusu, banki yana cika alkawarinsa ga mai sayarwa, sannan ya mai da abin bashi mai kuɗin ruwa a kan mai saye, a farashin wannan rana.

Akwai hanyar da ɗan kasuwa zai bi ya gane ko an yi masa lissafi daidai. Takardar cire kuɗi tana nuna adadin dolar, da farashin da aka yi amfani da shi, da ranar da cinikin ya zauna. A al'adar kasuwar canji, cinikin yau yakan zauna bayan kwanakin aiki biyu, don haka ranar da aka tsayar da farashi tana iya riga ranar da ke kan takardar. Sai a nemo farashin yuro da dolar na ranar tsayarwa, wanda babban bankin Turai yake bugawa kowace ranar aiki, BCEAO ma tana buga nata, a yi rabawar da muka nuna a sashe na 3. Tazarar da ke tsakanin abin da ya fito da abin da ke kan takarda ita ce ƙarin banki. A misalinmu 683 ne da 690, sefa 7 a kowace dolar, 1.400.000 gaba ɗaya. Cikin ƙarin miliyan 20 da dubu 800 da ya sami Alhaji, abin da ribar banki ta ƙaru da shi tsakanin Fabrairu da Satumba sefa ɗaya ce a dolar. Sauran duka daga kasuwa ya zo. Sanin wannan yana hana a yi rigima inda babu amfani, ya kuma nuna inda tayi zai yi tasiri.

6. Hanyoyin rufe ƙofar da iyakokinsu

Hanya ta farko ita ce sayen dolar na ajali. Ɗan kasuwa ya shirya da banki tun yau cewa ranar 26 ga Satumba zai sayi dolar 200.000 a farashi kaza. Wannan farashi ba hasashe ba ne na inda dolar za ta je. Daga farashin yau ake gina shi, a gyara da bambancin kuɗin ruwa tsakanin kuɗaɗen biyu, banki ya ɗora nasa. Mu ɗauka an ba Alhaji 595. Jimlar ta zama 119.000.000, ƙarin 1.800.000 a kan lissafinsa na farko, sefa 225 a buhu, kuma ya san wannan tun kafin ya yanke farashin sari. Iyakar hanyar ita ce alkawari ne mai ɗauri. In dolar ta sauko 560, a 595 zai saya. In mai sayarwa ya kasa lodi takardar ta mutu, cinikin dolar yana nan, sai an warware shi da riba ko faɗuwa. In kuma ranar lodi ta matsa, ranar biya ta matsa, dole a ɗage cinikin, ɗagewar kuma ba kyauta ba ce.

Hanya ta biyu ita ce gajarta lokaci. Jadawalin sashe na 4 ya nuna cewa biyan nan take a Afrilu zai tsaya 122.600.000. In Alhaji ba shi da kuɗin, yana iya karɓar bashin sefa daga banki ya biya, ya san kuɗin ruwan da ke kansa. A kashi 10 cikin ɗari a shekara, na wata biyar da rabi, wajen miliyan 4 ne a kan cikon da ya rage bayan ajiya. Bashin sefa ga mai sayarwa da sefa abu ne mai aunuwa tun farko.

Hanya ta uku ita ce a rubuta takardar da yuro. A nan farashin ranar buɗewa da na ranar biya ɗaya ne, 655,957, sai la'adar tura kuɗi. Sai dai mai sayarwa a Asiya da dolar yake lissafinsa, in ya yarda da yuro zai sa tsoron nasa cikin farashin tan. Haɗarin ya koma wuyansa, mai saye ya biya shi ladan ɗauka.

7. Janairu 1994: ranar da tsayayyen farashi ya motsa

Hanya ta uku tana da sharaɗi guda, wato ɗaurin ya ci gaba da tsayawa. Tun 1948 darajar sefa a gaban faran na Faransa ba ta canza ba. A lissafin sabon faran, faran ɗaya sefa 50 ne. Ranar 11 ga Janairu 1994, a taron Dakar, aka sanar da karya darajar sefa da rabi, daga washegari faran ɗaya ya zama sefa 100. Ɗan kasuwar da ya buɗe takardar faran miliyan ɗaya a Disamban 1993 yana lissafin sefa miliyan 50, in ajalinsa ya faɗo bayan 12 ga Janairu miliyan 100 aka nema a hannunsa. Dolar kuma ta tashi daga wajen sefa 295 zuwa wajen 590. Abin da lilon 2022 ya yi cikin wata bakwai, wannan ya yi ninkinsa fiye da sau biyar cikin dare ɗaya, kuma ya faɗa kan mutanen da suka zaɓi faran daidai don gudun haɗarin canji.

Alamu sun gabata. A farkon Agustan 1993 BCEAO ta daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen yankin, matakin da masu ciniki a bakin iyakar Nijeriya suka ji nan da nan, domin sefa mai yawa ta kasuwannin canji irin na Kano take bi ta fita. A Satumban shekarar gwamnatin Faransa ta ɗaura tallafinta da sharaɗin ƙasashen su shirya da Asusun Lamuni na Duniya. Wanda ya karanta waɗannan alamu ya biya bashinsa na waje kafin ajali, ko ya sayi kuɗin waje ya ajiye, ya tsira. Wanda ya ajiye sefa a banki jingina ya wayi gari ajiyarsa ta koma rabin abin da take.

8. Kammalawa

Takardar lamunin banki an yi ta ne don magance rashin sani tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma tana yin wannan aiki. Batun canji tana barin sa a wuyan mai saye tun daga ranar buɗewa har ranar biya. Kafin sa hannu akwai lambobi huɗu da ya kamata su kasance a rubuce gaban ɗan kasuwa: adadin kuɗin waje, ranar ajali, ƙarin da banki zai ɗora a kan farashin tsakiya, da farashin da ribarsa take ƙarewa a kansa. A misalinmu su ne 200.000, 26 ga Satumba, kashi 1 cikin ɗari, da 646. Ga masu fassara takardun banki zuwa Hausa kuma, wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne jimlar da take cewa za a cire kuɗin a farashin ranar biya. In aka fassara ta da “farashin yau”, mai sauraro zai ji ranar da yake zaune gaban ma'aikacin banki. Abin da ake nufi shi ne farashin ranar da ajali ya cika, kuma haka ya kamata a faɗe shi.